Me za mu rubuta a bayan littafin Baba?

Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya koyar a lakwal shekara 36, ya yi ritaya a 2018. Ya rubuta labarin rayuwarsa da Hausa, ni na buga masa a kwamfuta, shafi 160, kuma da kuɗin aljihunmu za mu fitar da kwafi 300. Mai maɗaba'a ya ce kafin Juma'a mai zuwa mu kawo masa ƴan jimloli masu jan hankali da za a sa a bangon baya. Baba ya rubuta nasa da hannunsa, amma wallahi ni da na san daɗin littafin, da na karanta sai jikina ya yi sanyi. Ina jin nauyin gaya masa. Ga abin da ya rubuta nan na haɗo muku, tare da babi uku na littafin. Me za mu sa, kuma ta ina zan ɓullo masa?

Ƴarku daga Garin Malam, Damagaram

Wa'alaikumus salam ƴata. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa Malam mahaifinki lafiya.

Babi ukun nan a zama ɗaya na karanta su bayan sallar isha, kuma a cikinsu wanda yake babi na huɗu a littafin sai da na maimaita shi. Jimlolin da kike nema suna cikinsa, mahaifinki ya riga ya rubuta su. Aikinki shi ne ki ciro su ki kai bangon baya.

Bari mu fara da takardar da ya ba ki. Na ƙirga, kalma 290 ce. Ta buɗe da cewa an haifi marubucin a unguwar Birni a 1960, ta bi da shi firamare da kwaleji da makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad, ta jero Tanut da Gure da Magariya da Mirya kowace da shekararta, ta faɗi lokacin da ya zama darakta, sannan ta rufe da cewa littafin taska ce ta ilimi ga manya da yara. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Haka aka koya wa malaman zamaninsu su gabatar da kansu: a tsare, bi da bi, kamar takardar da ake kai wa sufeto. Akwai kuma kunya. Dattijon da ya tashi yana jin ana cewa yabon kai jahilci ba zai ɗauki abin da ya fi taɓa zuciya a rayuwarsa ya kafa a bango ba, gara masa ya laɓe bayan sunayen garuruwa da shekaru. Ki riƙe wannan, domin zai yi miki amfani ranar da za ki zauna da shi.

To amma ki duba wanda zai juya littafin. Mutum ne tsaye gaban teburin mai sayar da littattafai, ko a wurin ƙaddamarwa mutane na turereniya, ko kuma wani tsohon ɗalibi a Yamai ko Kano da aka tura wa hoton bangon a waya. Bai fi rabin minti zai ba ku ba. Idan abin da ya fara gani shi ne "an haifi marubucin a shekara kaza", ya san abin da zai biyo baya, domin duk malamin da ya sani an haife shi, ya yi karatu, an yi ta canza masa wurin aiki, ya yi ritaya. Ba a bar masa wata tambaya da sai ya buɗe littafin zai sami amsarta ba. Iyalai da abokan aiki za su saya don zumunci, ko bangon baya fari fat ne. Sauran kwafin da za su rage a kwali a ƙuryar ɗaki, su ake rubuta wa bangon baya.

Ga yadda nake yi idan aka kawo mini irin wannan aiki. Nakan ɗauki fensir, in bi littafin ina neman rana guda, ba shekara ba, ranar da marubucin ya tsaya tsakanin hanya biyu kuma ko wacce ya bi akwai abin da zai rasa. A babi ukun da kika aiko na sami irin wannan wuri biyu.

Na farko yana babi na biyu. Yana ɗan aji uku, aka rataya masa sambol, alamar hukuncin wanda ya yi yaren gida, a wuya saboda ya yi wa abokinsa magana da Hausa a farfajiyar lakwal, ya wuni yana kasa kunne ko wani zai yi kuskure ya miƙa masa. Duk wanda ya yi boko a wancan zamani ya san wannan abu, kuma akwai daɗi a ce yaron nan ne yau ya rubuta littafi sukutum da harshen da aka hukunta shi a kansa, a Damagaram, garin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Wuri ne mai kyau, amma na ajiye shi. Dalilina shi ne a nan abu aka yi masa, ba shi ya zaɓa ba, kuma labarin na ɗalibi ne alhali littafin na malami ne.

Na biyu shi ne babi na huɗu. Oktoba 1984, shekarar da damina ta ƙi, aka tura shi wani ƙauye arewa da Tanut. Ya sauka da akwatin ƙarfe da rabin buhun hatsi, ya tarar da ajin zana da yara 43 a littafin kiran suna. Gidaje suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna yin kudu, kafin Janairu yara 7 suka rage. Aka aiko masa takarda cewa ya rufe ajin ya dawo gari. Sai ga wannan jimla tasa, wadda ya wuce ta kamar ba komai ba: ya naɗe takardar ya sa a tsakiyar littafin kiran suna, da gari ya waye ya kira sunaye 43 ɗin nan duka, yana dakatawa bayan kowane suna. A nan na ajiye fensir. Ina ganin yara bakwai zaune a kan rairayi, iskar hunturu na kaɗa zana, saurayi na kiran sunan yaron da ya san ba ya garin. Wannan ba ya cikin littafin kowane malami sai nasa.

Daga nan na gina wannan. Ki karanta shi a bayyane, ba a zuci ba:

"A watan Oktoba na 1984, wani mushe ɗan shekara 24 ya sauka a wani ƙauye arewa da Tanut, da akwatin ƙarfe ɗaya da rabin buhun hatsi. Yara 43 ya tarar a ajin zana. Kafin Janairu yunwa ta kwashe gidaje zuwa kudu, saura 7. Takarda ta zo masa cewa ya rufe aji ya dawo gari. Ya naɗe ta, ya sa a cikin littafin kiran suna, washegari ya sake kiran sunaye 43 ɗaya bayan ɗaya.

Me ya tsayar da shi, kuma ina yaran nan 7 suke yau? Bayan shekara 36 yana riƙe da alli, daga Tanut zuwa Gure, Magariya da Mirya, yanzu ya ba da labarin da bakinsa."

Kalmomin ba su kai 110 ba. Bari in nuna miki aikin da kowace jimla take yi, domin ki iya gyarawa da kanki ba tare da ginin ya rushe ba.

Jimlar farko ta kafa lokaci da wuri da mutum. Shekarar 1984 kaɗai ta isa ta sa duk wani ɗan ƙasar nan da ya haura hamsin ya gyara tsayuwa, shi ya sa ban tsaya bayanin fari ba. Akwatin ƙarfe da rabin buhu kuwa su suka maye gurbin kalmomi irin su "cikin mawuyacin hali". Wanda ya ga rabin buhu ya san ba zai kai mutum damina ba, ba sai an gaya masa ba. Na ce "mushe" ban ce "malamin makaranta" ba, saboda haka yaran suke kiransa a littafin, kuma mai karatun Damagaram zai ji kalmar a matsayin tasa. Idan kuna sa ran kai kwafi da yawa Daura ko Kano, ki mayar da ita "malami", ba abin da zai lalace.

Lambobin nan biyu, 43 da 7, su ne ƙashin bayan rubutun. Kada ki yarda a mayar da su "yara da yawa" da "ƴan kaɗan". Sannan ki koma cikin littafin ki tabbatar haka suke a ko'ina, domin idan bango ya ce 43, shafi na 52 ya ce 45, to tsofaffin malamai za su gani, su da suka ƙare rayuwarsu suna gyaran lissafi da jan biro.

Takardar ita ce mararrabar hanya. Naɗe ta da ya yi shi ne zaɓinsa, kuma ki lura ban ce jarumi ne ko mai sadaukarwa ba. Da na faɗa, na ƙwace wa mai karatu hukuncin da ya kamata ya yanke da kansa. Wannan shi ne babban abin da ke ɓata bangon littattafanmu: "gwarzo", "haziƙi", "abin koyi", "littafin da ba a taɓa irinsa ba". Kirari ne, kuma kirari yana da wurinsa a bakin maroƙi ranar ƙaddamarwa. A bango kuwa, kowa ya san marubucin ne ya biya kuɗin ɗab'i, don haka yabon ba ya shiga kunne. Gwaji mai sauƙi: ki rufe sunan mahaifinki da yatsa, ki karanta jimla. Idan za a iya ɗaukarta a liƙa a bayan littafin wani malamin ta zauna daram, ki soke ta.

Tambayar kuma alkawari ce, nan nake so ki yi hattara sosai. Da aka ce "ina yaran nan 7 suke yau?", an ɗauki bashin mai karatu, dole littafin ya biya. Ke kika buga shi daga farko har ƙarshe. Idan Malam ya dawo kan yaran a wani babi na gaba, ya faɗi abin da ya zama da su ko da uku ne daga cikinsu, ki bar tambayar yadda take. Idan bai sake ambatarsu ba, ki yanke rabin nan, ki bar "Me ya tsayar da shi?" kawai. Wanda ya ba da jikka uku ko huɗu saboda tambaya, ya karanta shafi 160 bai ga amsa ba, ba zai ce wa kowa ya saya ba, kuma a gari irin namu bakin mutane ne yake sayar da littafi. Haka nan kada a ba da amsar a bango. Ko ɗaya daga cikin yaran ya zama likita ko babban ma'aikaci, a bar shi a ciki. Sunayensu ma kada su hau bango, domin mutane ne masu iyali, wataƙila ba kowannensu ke son a tuna masa shekarar yunwa a bainar jama'a ba.

Jimlar ƙarshe tana da aiki biyu. Ta gaya wa mai karatu cewa labarin gaske ne na rayuwa, ba ƙagagge ba, kuma ta buɗe ƙofa ya ga cewa littafin ya wuce 1984, kada ya zaci tarihin fari ne kaɗai. A nan garuruwan da Malam ya jero suka sami wuri, cikin rabin layi.

Wataƙila ki ce me ya sa ban rubuta da "ni" ba, tunda littafin da "ni" yake tafiya. Ana yin haka, ba laifi ba ne. Amma ga dattijo irin mahaifinki, "na naɗe takardar, na ƙi tafiya" a bango zai yi masa kama da bugun ƙirji, ba zai yarda ba. Da aka ce "ya", sai ya zama wani ne ke ba da labarinsa, shi kuma ya huta.

Ƙarƙashin wannan, kusa da ɗan hotonsa, sai a sa gabatarwa ta kalma 30 zuwa 40: sunansa, Birni 1960, makarantar horon malamai, shekara 36 na koyarwa, ritaya a 2018, yana zaune a Damagaram. Shi ke nan.

Yanzu maɗaba'a, a taƙaice. Idan girman littafin A5 ne, bangon baya santimita 14.8 ne a faɗi, 21 a tsaye. Ki bar santimita ɗaya da rabi a kowane gefe ba rubutu, saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum. Girman harafi 11 ko 12, kada a yi ƙasa da haka, domin yawancin masu sayen littafin nan da tabarau suke karatu. Da wannan ma'auni rubutun zai ci layi 12 ko kusa, ya bar wa hoto wuri, da kusurwar ƙasa inda ake sa farashi da lambar ISBN idan kun samu. Kalma 290 kuwa za ta cinye yawancin bangon, da ƙyar hoto da farashi su sami wuri. Kada kuma a shimfiɗa rubutun a kan hoto mai duhu. A allon kwamfuta yana fitowa tas, a takarda sai ya dusashe.

Abu ɗaya da ya taɓa cina, ba na so ya ci ki. Na taɓa kai wani littafi maɗaba'a, cikinsa lafiya lau, amma mai tsara bango ya zaɓi wani salon harafi na ado wanda ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kwafi 500 suka fito, inda duk ƙugiya take sai ɗan akwati fanko, wani wurin kuma ya sake bugawa da hannunsa ba ƙugiya. A rubutunki akwai "ƙauye", "ƙarfe", "ɗaya", "naɗe", "riƙe". Ki tsaya a kansa ya nuna miki su a allo, ya fitar da PDF, sannan ya buga miki kwafin gwaji ɗaya a takarda, girmansa na gaskiya, kafin ki ce a ci gaba. Ki ɗauki hoton wannan gwaji da waya ki tura wa wata ƙawarki. Idan ta karanta ba tare da ta ja hoton da yatsu ba, ya yi.

Saura mai wuyar, wato Baba.

Kada ki je masa da cewa nasa bai yi ba. Ba ma gaskiya ba ne: ya yi, wurinsa ne ba nan ba. Wannan takarda ita ce jikokinsa za su nema nan da shekara talatin idan suna son sanin wace shekara ya yi a Gure. Ki sa ta gaba ɗaya, ba a taɓa ko wasali ba, a shafin ƙarshe na cikin littafin, da kai "Tarihin marubuci". Ki buga wannan shafi tukuna, ki fara nuna masa shi, ya ga da idonsa cewa ba abin da aka zubar. Sannan ki gaya masa gaskiyar ma'auni, cewa kalma ɗari da ƴan kai ta fi dacewa da bangon idan ana so tsaransa su karanta. Malami ne, yana girmama ma'auni.

Bayan haka kada ki miƙa masa takarda. Ki zaɓi lokacin da ya natsu, bayan la'asar ko bayan an ci tuwon dare, ki ce, "Baba, akwai wani wuri a littafinku da ya hana ni barci, ku ba ni izini in karanta muku." Ki karanta a hankali, ki ɗan dakata bayan "saura 7". Ki gaya masa cewa kalmominsa ne, ke jera su kawai kika yi, domin haka ɗin ne. Idan ya yi shiru, kada ki cike shirun da bayani. Mai yiwuwa shekara arba'in ke nan ba wanda ya karanta masa wannan safiya a kunne.

Zai iya cewa a'a, kuma kusan na san dalilin da zai kawo: wasu malaman sun sha abin da ya fi wannan ba su yi shela ba. Idan ya faɗi haka, kada ki ja. Ki nemi amininsa cikin waɗanda suka yi aiki tare, irin wanda suke zama a ƙofar gida da yamma, ki ba shi rubutun biyu ki roƙe shi ya yi masa magana. Abin da uba ba zai karɓa daga ƴarsa ba, sau da yawa yakan karɓa daga tsaransa cikin raha. Idan ya nemi a cire tambayar, ko a sauya wata kalma, ki bar masa. Ki roƙe shi abu biyu kawai ya bari: lambobin nan biyu, da kiran sunan. Idan kuma bayan duk wannan ya tsaya a kan nasa, littafinsa ne da sunansa. Sai ku zauna tare ku rage tasa takardar ta dawo kalma 100, ki nemi alfarmar a ɗora jimla ɗaya daga babi na huɗu a samanta da harafi mai kauri.

Ki yi wannan zama ranar Litinin ko Talata, kada ki kai shi daren Alhamis, domin dattijo ba ya son a sa shi yanke shawara ana tsaye a kansa. Idan mai maɗaba'a ya matsa, ki ce ya fara buga cikin littafin, bango daban ake buga shi, zai iya jira kwana biyu. In Allah ya sa littafin ya fito, ki ajiye mini kwafi ɗaya, zan aiko da kuɗinsa. Ina son in ji abin da ya zama da yaran nan bakwai.